Barikosel da haihuwa: a yi aiki, a jira, ko a nemi wata hanya?

Akwai wata takarda da ke hana maza da yawa barci a Yamai, takardar eko ce, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura, wadda aka rubuta barikosel a hagu. Mutum ya yi shekara biyu ko uku da aure shiru, an gama kai uwargida wurin masu magani har ta gaji, sai daga ƙarshe wani ya ce kai ma je a duba ka, ya je, sai ga wannan suna da bai taɓa ji ba. Lokotoro na farko ya ce mishi sai an yi aiki, na biyu ya ce bar shi kawai ba shi ne matsalar ba, sai mutum ya rasa wa zai bi. Gaskiyar magana kowanne cikinsu yana iya zama da gaskiya, dan ba kowane barikosel ne ake taɓawa ba, kuma abin da ke raba wanda aiki zai amfana da wanda zai sha wuƙa a banza abu ne da kai kanka kana iya ganewa in an yi maka bayani.

Da farko a raba shi da abubuwan da muka saba. Ba gwaiwa ba ce, gwaiwa ruwa ne ke taruwa kewaye da ɗan maraina. Ba ƙaba ba ce, ita hanji ne ke saukowa. Barikosel jijiyoyin da ke maida jini daga ɗan maraina zuwa sama ne suke buɗewa su kumbura, sai jinin da ya kamata ya hau ya tsaya ko ma ya dawo ƙasa. Kusan kashi 90 cikin 100 a hagu ake samun shi, kuma akwai dalili: jijiyar hagu ta fi tsawo, kuma tana zuwa ta shiga jijiyar ƙodar hagu a tsaye kyam, ita ko ta dama a karkace take shiga babbar jijiyar ciki kai tsaye, jini ya fi samun sauƙin wucewa.

Toh mi ya haɗa kumburin jijiya da haihuwa? Zafi ne babba. Allah bai ajiye maraina a waje hakanan ba, ƙwayoyin maniyyi suna son wuri da ya fi jiki sanyi da digiri 2 zuwa 3. Jinin da ke saukowa daga ciki da zafinshi yake zuwa, su kuma waɗannan ƙananan jijiyoyi sun naɗe jijiyar da ke kawo shi suna shanye zafin kafin ya iso, kamar jiƙaƙƙen buhun da ake naɗe bido da shi lokacin zafi dan ruwa ya yi sanyi. In jijiyoyin suka cika da jinin da ba ya tafiya, sanyayawar ta lalace, wurin ya ɗumame, ƙwayoyin su ragu, waɗanda suka fito ma su zamo raunana ko siffarsu ba daidai ba. Wani lokaci har ɗan marainan hagu ya ƙanƙance ya yi laushi. Kuma abin ba ya hana kwanciya da iyali, maniyyin ma a ido lafiya lau yake, shi ya sa namiji ke rantsuwa shi lafiyarshi ƙalau. Kaurin maniyyi ko yawanshi a ido ba ya faɗa maka komai game da ƙwayoyin da ke ciki.

Amma ga abin da nike so a riƙe tun yanzu. Kusan namiji 15 cikin 100 yana da barikosel, kuma mafi yawansu suna haihuwa ba su ma san suna da shi ba. Cikin mazan da suka zo neman haihuwa ana samun shi a wajen 35 zuwa 40 cikin 100, cikin waɗanda suka taɓa haihuwa sannan abin ya tsaya ya fi haka yawa sosai. Kenan yana da hannu a matsalar, amma samun shi kaɗai bai isa a ce shi ne mai laifi ba. Wannan na waɗanda suka taɓa haihuwa ina so masu mata biyu su lura da shi, mutum yana da ɗiya ɗaya ko biyu tun shekara takwas, ya ƙara aure dan yana ganin uwargida ce ta tsaya, amarya ma ta zo shiru. Haihuwar da ka yi a baya ba shaida ba ce ta yau, barikosel a hankali yake ɓarna ga wasu mutane.

Kafin a yi maganar wuƙa tambaya uku ce, kuma sai ukun sun haɗu.

Ta farko: hannu ya ji shi, ko eko kaɗai ta gani? Gwajin gaske a tsaye ake yin shi, a ɗaki da ba sanyi, likitan mafitsara ya taɓa, ya ce ka riƙe numfashi ka yi yunƙuri. Tun 1970 Dubin da Amelar suka kasa shi mataki uku kuma har yau da shi ake aiki. Mataki na 1 sai ka yi yunƙuri ake ji, mataki na 2 ana ji da hannu ko ba yunƙuri, mataki na 3 da ido ma ana ganin jijiyoyin sun cukurkuɗe ƙarƙashin fata. Akwai kuma wanda hannu ba ya ji sam, sai eko ta nuna jijiya ta ɗan buɗe. Wannan na ƙarshen shi ne tarkon, dan yanzu eko ta yi yawa a gari, mutum yana iya zuwa a yi mishi ba tare da kowa ya taɓa shi ba, a ba shi takarda, ya ɗauka an gano ciwonshi. Binciken da aka yi a kan irin wannan bai nuna aiki yana ƙara samun ciki ba, kuma ƙungiyoyin likitocin mafitsara na Turai da na Amurka duk sun ce kada a yi aiki dan shi. Eko tana da amfaninta, in hannu bai tabbatar ba ko ana son auna girman maraina, amma ba ita ke yanke hukunci ba.

Ta biyu: sifermogaram, wato gwajin maniyyi, ya nuna rauni, kuma har sau biyu? A nan ake yawan kuskure. Sai an yi kwana 2 zuwa 7 ba a kusanci iyali ba, a tara duka cikin kwalbar da labo ta bada, kada farkon ya zube dan nan ƙwayoyin suka fi yawa, kuma ya isa hannun masu gwaji kafin awa ɗaya. Wanda ya tara a gida ya sa a aljihun babur ya ratsa gari cikin ranar watan Afrilu, sakamakon zai fito da ƙwayoyi rabi a mace kuma ba laifin barikosel ba ne. Haka zazzaɓi, in ka yi masassarar cizon sauro mai zafi wata ɗaya ko biyu kafin gwajin, lissafin yana iya faɗuwa ƙasa sosai sannan ya dawo da kanshi, dan ƙwayar maniyyi tana ɗaukar wajen kwana 74 kafin ta kammala, a ƙara kwanakin fitowa ya kusa wata uku. Shi ya sa gwaji ɗaya ba ya isa. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya ce ƙasan iyaka shi ne ruwa mililita 1.4, ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, masu tafiya gaba kashi 30 cikin 100, masu siffa daidai kashi 4. Wasu labo har yanzu na 2010 ke kan takardarsu, miliyan 15 da kashi 32, bambancin ba shi da yawa. In naka yana sama da wannan duka, aikin barikosel ba shi da abin da zai gyara maka ta fannin haihuwa.

Ta uku ita ake mantawa: matar fa? Shekarunta nawa, jininta yana zuwa daidai, an duba hanyoyin ƙwanta a buɗe suke? In duka hanyoyin a toshe suke ko ka koma miliyan 100 ciki ba zai shiga ta hanyar da aka saba ba. Wlh yana yi min ciwo ganin an yi wa namiji aiki an jira shekara sannan a tuna ba a duba matar ba, kamar yanda yake min ciwo ganin an shekara biyar ana ɗura wa mace jiƙo ba a taɓa gwada mijin ba. Tare ake zuwa.

Yanzu ga ainihin tambayar, aikin yana yi? Sai a raba ta biyu, dan gyaruwar maniyyi daban, samun ciki daban.

Ta fannin maniyyi maganar ta fi ƙarfi. Wanda ya cika sharuɗɗan nan, wajen mutum 60 zuwa 70 cikin 100 suna ganin gwajinsu ya gyaru. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike masu yawa ya samu cewa a matsakaici yawan ƙwayoyi yana ƙaruwa da kusan miliyan 12 a mililita, masu motsi kuma da wajen kashi 10. Matsakaici fa na ce, wani zai ninka uku wani ko gezau. Kuma ka juya lissafin, mutum 3 ko 4 cikin 10 ba za su ga canji ba ko aikin ya yi kyau, duk wanda ya ce maka tabbas ne bai gaya maka gaskiya ba.

Ta fannin ciki an daɗe ana gardama, kuma gardamar ce ta sa likitocinmu biyu na farko suka saɓa. Asalin abin a 1952 ne wani likita a Edinburgh, Tulloch, ya yi wa wani mutum aiki wanda ba a ganin ƙwaya ko ɗaya a maniyyinshi, ƙwayoyi suka dawo matarshi ta samu ciki, daga nan aikin ya bazu duniya. An shekara da shekaru ana yi ba a gwada shi da kyau ba. A 1998 Nieschlag a Jamus ya raba ma'aurata 125 gida biyu, rabi aka yi wa mazan aiki rabi shawara kawai ake ba su ana bibiya, bayan shekara ɗaya ciki ya shiga a kashi 29 na masu aiki da kashi 25 na marasa aiki, kusan ɗaya kenan. A 2003 Evers da Collins suka haɗa gwaje-gwajen da ake da su suka ce babu shaidar aikin yana ƙara ciki. Sai dai da aka duba, cikin waɗanda suka haɗa akwai masu barikosel ɗin eko kaɗai, akwai masu maniyyi lafiyayye, wato mutanen da dama ba su kamata a yi musu ba. A 2011 sai ga binciken Abdel-Meguid a Jidda, maza 145, dukansu hannu yana jin barikosel ɗin kuma maniyyinsu da rauni, aka yi wa rabi aiki da madubin ƙara girma aka bar rabi. Cikin shekara ɗaya matan masu aiki kusan kashi 33 suka samu ciki, na waɗanda aka bari kusan kashi 14. Nazarin 2012 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken likitanci tana tantancewa, ya ƙiyasta cewa a irin waɗannan mutane sai an yi wa wajen 7 aiki kafin a samu ƙarin ciki ɗaya da ba zai samu ba in ba aikin, kuma na 2021 ya ce akwai alamar aikin yana ƙara samun ciki amma shaidar ba ta yi ƙarfi ba, musamman in ana maganar haihuwar jariri da rai ba shigar ciki kawai ba.

Ni yanda nike karanta wannan duka: ga wanda ya dace, aiki yana ɗaga damarshi daga wajen 1 ko 2 cikin 10 zuwa wajen 3 ko 4 cikin 10 a shekarar farko. Ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya shekara uku yana jira. Amma fiye da rabi za su cika shekara ba ciki duk da aikin, kuma wasu za su samu ko ba a taɓa su ba. Da wannan lissafin ya kamata mutum ya shiga, ba da alƙawari ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi. A ce magidanci ne daga Tawa, ɗan shekara 34, matarshi 26, aure shekara uku, an duba ta lafiya lau hanyoyi a buɗe. Likita ya taɓa ya ce mataki na 3 a hagu, ɗan marainan hagu ya ɗan fi na dama ƙanƙanta. Gwaji biyu tsakaninsu wata uku duk kusan ɗaya: ruwa mililita 2, ƙwayoyi miliyan 6 a mililita, masu tafiya gaba kashi 25. Akwai lissafi ɗaya da ya fi duk layukan takardar amfani, jimillar ƙwayoyin da ke tafiya: ka ninka ruwa da yawa sannan ka ɗauki kason masu tafiya. 2 sau 6 miliyan 12 kenan, kashi 25 na 12 miliyan 3. Da miliyan 3 ciki yana iya shiga amma da wuya, kuma ko wanke maniyyi a zuba a mahaifa likitoci sun fi son a ce an haura miliyan 5. Zaɓinshi uku ne. Ya jira, damarshi ƙarama ce kuma tunda marainan ya fara ƙanƙancewa babu dalilin zaton abin zai gyaru da kanshi. Ya tafi kai tsaye haɗin kwalba, inda ake ɗaukar ƙwaya ɗaya a soka cikin ƙwan mace, wannan yana aiki ko da ƙwayoyi kaɗan ne, amma kuɗi ne na miliyoyin sefa a kowane gwaji, sau da yawa da tafiya da zama a wata ƙasa, kuma wahalar allurai da ciro ƙwai duk a kan matar da lafiyarta ƙalau za ta sauka, kuma in an samu ɗaya ana son na biyu sai an sake biya. Ko a yi aiki. A ce bayan wata shida gwaji ya nuna ruwa 2.5, ƙwayoyi miliyan 14, masu tafiya kashi 35: 2.5 sau 14 ya ba da 35, kashi 35 na wannan ya ɗan haura miliyan 12. Ka lura takardar har yanzu za ta ce bai kai ma'auni ba tunda 14 bai kai 16 ba, mutum yana iya karaya ya ce aiki bai yi ba, alhali ya tashi daga 3 zuwa 12, ya shiga sahun da ciki ke shiga a gida, in ma bai shiga ba zubawa a mahaifa ta zama mai yiwuwa kuma ta fi haɗin kwalba sauƙi nesa ba kusa ba. Ga wannan mutum ni aiki zan ce, ba shakka, dan matarshi tana da shekarun jira kuma in ya gyaru ya gyaru har ga ɗiya na biyu da na uku.

Yanzu ka bar komai yanda yake ka canza abu ɗaya, matar shekararta 38. Lissafin ya juye. Aiki yana cin wata 3 zuwa 6 kafin a ga sakamako, sannan a ƙara watannin jiran ciki, shekara ta tafi, kuma a wannan shekarun ƙwan mace yana raguwa da sauri, shekara ɗaya ba wasa ba ce. In suna da halin haɗin kwalba bai kamata aikin miji ya jinkirta shi ba, ko dai a wuce kai tsaye ko a yi aikin ana shirin ɗayan a lokaci guda. In ba su da hali, kuma mafi yawanmu nan muke, toh aikin shi ne abin da ke hannu, a yi shi da wuri kada a tsaya shekara ana shan bitamin.

Misali na uku shi ne wanda eko kaɗai ta gani, ko wanda yake da mataki na 2 amma gwajinshi miliyan 40 masu tafiya lafiya. Wannan a bar marainanshi, a nemi dalili wani wuri. In matashi ne bai yi aure ba yana iya maimaita gwaji lokaci zuwa lokaci. Ciwo maganarshi daban ce, wanda nauyi da tsami ke damunshi in ya daɗe a tsaye ana iya yi mishi aiki dan ciwon, ba dan haihuwa ba.

Maganar magani kuma, babu ƙwaya ko jiƙo da ke maida jijiyar da ta buɗe. Bitamin da zink da ake rubutawa ba su cika cutarwa ba amma shaidar suna kawo haihuwa ba ta da ƙarfi, ga tsada. Abin da nike roƙo da babbar murya shi ne a guji allura ko ƙwayar testosteron da ake saye dan ƙarfin maza ko gina jiki. Ita ƙwaƙwalwa in ta ga sinadarin ya yi yawa a jini sai ta daina aika umarni ga maraina, ƙwayoyi su faɗi har sifili, kuma kafin su dawo sai an yi watanni. In kana sha ka gaya wa likita kafin a ɗora laifi a kan barikosel. Taba ma a bari.

In an yanke za a yi, sai tambayar wane iri, dan ba ɗaya suke ba. Manufar duka ɗaya ce, a ɗaure jijiyoyin da suka lalace jini ya bi wasu hanyoyin, a yawancinsu a bar jijiyar da ke kawo jini, da ƙananan magudanan ruwa, da bututun maniyyi. Matsala biyu ake tsoro: barikosel ya dawo dan an bar wata jijiya, ko gwaiwa ta fito dan an ɗaure magudanan ruwa tare da jijiyoyin. Hanyar Palomo ta 1949 ana yanka a sama wajen gefen mara a ɗaure can, tana da sauƙi da sauri, amma a nazarin Cayan na 2009 dawowa ta kai wajen kashi 15, gwaiwa wajen kashi 8. Hanyar Ivanissevich ta makwankwaso da ido kawai dawowarta kaɗan ce amma gwaiwa wajen kashi 7. Ta kyamara da ake huda ciki tana tsakiya, tana son a sa mutum barci gaba ɗaya, ta fi dacewa in gefe biyu ne. Wadda ta fi duka ita ce ta ƙasan makwankwaso da madubin ƙara girma, irin wadda Marmar ya fito da ita a 1985, yanka ɗan santimita 2 zuwa 3, likita yana ganin kowace jijiya ɗaya bayan ɗaya, dawowa wajen kashi 1, gwaiwa ƙasa da haka. Akwai kuma toshewa ta cikin jijiya ba yanka, a zura siririn bututu ana kallo a hoto, warkewa da sauri amma tana son kayan aiki da ƙwararre na musamman kuma wani lokaci ba a iya isa jijiyar.

A ƙasarmu ba ko'ina ake samun madubin aiki ba, kuma bai kamata wannan ya hana wanda ya cancanta ba. Likitocin mafitsara sun fi yawa a Yamai, asibitin Lamorde yana da sashensu tun da daɗewa, mutumin Tawa ko Konni ko Madawa sau da yawa sai ya yi tafiya. Abin da za ka tambaya da ladabi shi ne, likita wace hanya kuke bi, kuna sa gilashin ƙara girma, kuna yawan yin irin wannan aikin? Wanda hannunshi ya saba da gilashin ido mai ƙara girma ya fi wanda ke da babban madubi amma sau biyu yake taɓa shi a shekara. Lalacewar jijiyar da ke kawo jini har marainan ya shanye yana faruwa amma da wuya ƙwarai, sai dai mai maraina ɗaya ya kamata ya fi kowa nacewa a kan madubi.

Abu biyu a gurguje. Wanda gwajinshi ya nuna babu ƙwaya ko ɗaya, kada a ruga aiki, sai an auna sinadaran jini an tabbatar ba toshewar hanya ba ce ko matsalar gado. In barikosel ne babba, ƙwayoyi suna dawowa ga wajen mutum 1 cikin 3 ko ɗan fiye, yawanci kaɗan ne da ba su isa ciki a gida ba kuma suna iya sake ɓacewa. Na biyu, barikosel da ya fito kwatsam ga babban mutum, ko yake a dama kaɗai, ko ba ya saɓewa in an kwanta, wannan a yi hoton ciki da ƙoda, dan wani lokaci ƙari ne ke danne jijiyar a sama.

Bayan aiki yawanci ranar ko washegari ake komawa gida. Kumburi kaɗan da tsami na ƴan kwanaki ba komai ba ne, wando mai ɗan riƙewa yana taimako, ɗaukar kaya masu nauyi da doguwar tafiya a babur a bar su mako 2 zuwa 4, iyali kuma bayan mako ɗaya ko biyu yanda likita ya faɗa. Zazzaɓi, ja, ruwa ko mugunya a bakin yankan, ko ciwo mai ƙaruwa, a koma nan take. Jijiyoyin ba sa ɓacewa ranar, suna ɗaukar makonni suna saɓewa, kada ka taɓa a kwana na goma ka ce an cuce ka. Kumburi mai santsi marar ciwo da ya taso bayan watanni gwaiwa ce, a nuna ta.

Kada ka ɓata kuɗi a gwaji kafin wata uku, ƙwayoyin da za a gani tsofaffi ne da aka ƙera kafin aikin. A yi a wata na 3, a sake a wata na 6, a labo ɗaya da na farko, da kwanakin ƙauracewa iri ɗaya, kuma kowane karo ka yi wancan lissafin na jimillar masu tafiya ka rubuta a gefen takardar. Mafi yawan gyaruwar da za a samu tana bayyana cikin waɗannan watanni shida. In lissafin ya hau, ku ba kanku har shekara ɗaya daga ranar aiki, ana kusantar juna duk kwana ɗaya ko biyu a tsakiyar tsarkin matar. In wata shida ya cika bai motsa ba, a sake taɓawa a tsaye a yi eko a gani ko jini yana dawowa har yanzu, in yana dawowa ana iya gyarawa ta wata hanyar daban da ta farko, in ba ya dawowa toh barikosel ba shi ne duka matsalar ba, ƙarin jira ba zai ƙara komai ba, sai ku zauna da likitan mata ku duba zubawa a mahaifa in jimillar ta haura miliyan 5, ko haɗin kwalba in tana ƙasa da haka.